"Na tura" da "bai shigo ba": abin da ke faruwa tsakanin wayoyi biyu

A kasuwar Singa ko Kantin Kwari a Kano, da wuya a yi sa'a guda ba a ji wannan gardamar a wata rumfa ba. Mai saye ya ɗaga waya yana cewa, "Alhaji, wallahi na tura, ga shi nan sun cire." Mai kaya ya kalli tasa wayar ya ce, "To ni dai ban ga alat ba." Yaron shago yana riƙe da kaya bai san ko ya ɗora wa ɗan dako ko ya mayar ciki ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, har mai shayi da mai kayan miya suka koyi karɓar taransifa, gardamar kuma ta bi su har inda suke.

A yawancin lokuta babu maƙaryaci a cikin mutanen biyu. Kowannensu yana karanta abin da bankinsa ya gaya masa ne, bankunan biyu kuma ba abu ɗaya suke ba da shaida a kansa ba. Bankin mai saye ya san ya cire kuɗi daga asusunsa ya aika saƙo. Ko an zuba kuɗi a asusun mai kaya, wannan bankin mai kaya ne kaɗai ya sani tabbas.

Idan asusun biyu a banki ɗaya suke, maganar gajeriya ce: bankin ya rage a nan ya ƙara a can cikin littafinsa, babu wanda zai jira. Idan bankunan sun bambanta, sai an bi ta hannun na uku. Wannan na ukun shi ne NIBSS, kamfanin da Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka tare, wanda aka kafa a 1993. A 2011 ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take da ake kira NIP, kuma ta kansa yawancin taransifar da ake yi tsakanin banki da banki take bi, ko da manhaja aka yi ta, ko da lambobin nan irin su *737# da *894#, ko a wurin mai POS.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata mai sayar da abinci ta sayi shinkafa da mai a Singa, kuɗi ya kama naira 184,000. Mai shagon ya karanto mata lambar asusunsa mai lamba goma da sunan bankinsa. Ta shigar. Kafin ta rubuta ko sisi, sai sunan mai asusun ya bayyana a wayarta. Mutane da yawa suna ɗauka manhajar ce ta san sunan. A gaskiya tafiya guda aka riga aka yi: bankinta ya tambayi NIBSS, NIBSS ya tambayi bankin mai shago, amsa ta dawo ta hanyar da tambaya ta bi. Wannan matakin yana da amfani biyu. Yana nuna mata cewa lambar ta wanda take nufi ce, yana kuma nuna cewa a wannan daƙiƙar bankin can yana amsawa. Idan sunan ya ƙi fitowa, ko ya daɗe yana juyawa kafin ya fito, alama ce tun da wuri cewa hanya ba lafiya, kuma mai hankali a nan yake tsayawa ya nemi wani asusun. 'Yan kasuwa da yawa sun gane haka, shi ya sa za ka ga an liƙa lambobi biyu ko uku na bankuna daban-daban a jikin kanta.

Ta rubuta 184,000, ta sa lambar sirri. Abu na farko da bankinta zai yi shi ne cire kuɗin daga asusunta, tare da ladan aikawa. A jadawalin cajin da Babban Banki ya fitar wanda ya fara aiki a 2020, ladan naira 10 ne idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 idan ya haura haka, sannan a ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan ladan. Ita ke nan naira 53.75 za ta biya na lada, sai dai idan tana amfani da ɗaya daga cikin manhajojin da ke yafe ladan don jawo masu hulɗa. Cire kuɗin yana zuwa kafin aikawa, kuma a nan rabin rikicin yake. Saƙon cire kuɗi da ya shigo wayarta gaskiya ne, amma abin da yake tabbatarwa bai wuce cewa kuɗin ya bar hannunta ba.

Daga nan bankinta ya aika wa NIBSS umarni: a zuba kaza a asusu kaza na banki kaza, daga wance. NIBSS ya miƙa wa bankin mai shago. Bankin ya duba asusun, ya ga yana aiki kuma babu abin da ya hana shi karɓa, ya zuba kuɗin, ya mayar da amsa. Amsar lamba biyu ce, kuma `00` ita ce ke nufin an karɓa an zuba. Ta koma ta NIBSS zuwa bankin mai saye, allon wayarta ya nuna Successful. Idan komai lafiya, duk wannan bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba.

Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne, a wannan lokacin bankin mai shago bai karɓi ko kwabo daga bankin mai saye ba. Ya zuba wa mai shagon kuɗi ne bisa alkawari. Sai an jima, a wasu lokuta da aka tsara a cikin yini, ake tara lissafin abin da kowane banki ya aika da abin da ya karɓa, a fitar da bambancin, a daidaita a asusun da bankunan ke da su a Babban Banki. Mai shago ba ruwansa da wannan. Da zarar bankinsa ya zuba, kuɗin nasa ne, yana iya cirewa ko ya tura wa dila nan take.

To ina Successful take samun matsala? Matsalar ita ce ba kowace manhaja ce take nufin abu ɗaya da kalmar ba. Wasu ba sa nuna ta sai amsar `00` ta dawo. Wasu suna nuna ta da zarar sun cire kuɗi sun aika umarni. Akwai waɗanda suka fi gaskiya, suna nuna matakai a jere: an biya, banki yana aiki a kai, ya isa bankin mai karɓa. Mai saye da ya ga alamar farko ta yi kore yakan juya wayar ya nuna wa mai kaya, alhali matakin ƙarshe bai cika ba. Ni a ganina wannan laifin masu tsara manhaja ne fiye da na masu saye. Wanda aka nuna wa koren tambari da babban rubutu ba za a zarge shi don ya gaskata ba.

Yanzu mu koma ɓangaren mai shago. Shi abin da yake jira saƙon tes ne, wanda kowa ke kira alat. Alat ba ya cikin tafiyar da muka bi a sama. Bayan bankinsa ya gama zuba kuɗi a littafi, sai wata na'ura dabam ta haɗa saƙo ta miƙa wa kamfanin waya, kamfanin wayar ya kai lokacin da ya samu hanya. Layin saƙonni yana iya cunkushewa, musamman ƙarshen wata lokacin albashi ko jajibirin salla. Wayar mai shagon tana iya zama a lungun da sabis ba ya kaiwa, ko ma'ajiyar saƙonninta ta cika. Wasu ma sun sa an rufe musu alat na tes gaba ɗaya saboda ana cajinsu a kan kowane saƙo, kuɗin da bankuna suka ɗaga daga naira 4 zuwa naira 6 a 2025. Saboda haka kuɗi yana iya zama a asusu minti ashirin kafin alat ya iso, mai shagon yana ta rantsuwa bai ga komai ba, kuma da gaskiyarsa.

Maganin wannan a hannun mai shago yake. Ya buɗe manhajar bankinsa da kansa, ko ya danna lambar bankinsa ya duba abin da ke asusun. Idan da safe yana da 412,000, bai karɓi komai ba bai fitar ba, yanzu kuma ya ga 596,000, magana ta ƙare ko alat ya zo ko bai zo ba. A shagon da ake ciniki da yawa jimilla ba ta isa shaida, domin kuɗi na shiga ta ko'ina. Sai a duba jerin shige da fice, a nemi layin da ke ɗauke da 184,000, da sunan wadda ta turo, da lokacin. Na'urorin POS na wasu kamfanoni yanzu suna da lambar asusu tasu, taransifa tana shiga sai ta bayyana a allon na'urar har a buga risit. Wannan ya sauƙaƙa wa masu shaguna da ke barin yara a kanta, domin a da alat yana zuwa wayar maigida ne, shi kuma yana masallaci ko yana Legas sarin kaya, sai an kira shi kafin a saki buhu ɗaya.

Har zuwa ƙarshen 2025, mai shago yakan ga an cire masa naira 50 bayan kuɗin ya shiga, harajin gwamnati a kan duk kuɗin da ya kai 10,000 ko fiye. Wannan ne ya sa wasu 'yan kasuwa suke cewa "ka ƙara hamsin ta caji." Daga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta mayar da wannan hamsin ɗin kan mai turawa.

Wuri mafi wahala shi ne inda amsa ba ta dawo ba. Bankin mai saye ya cire kuɗi, ya aika, ya jira, shiru. Wayarta ta nuna Pending ko Processing. A bayan fage lambar da ta fito tana iya zama `91`, wato bankin mai karɓa ba ya samuwa, ko `97`, wato lokaci ya ƙare ana jiran amsarsa, ko `09`, wato ana kan aiki. Ta farkon tana da sauƙi, domin saƙon bai shiga ba, kuɗi zai dawo. Sauran biyun su ne masu rikitarwa, saboda shirun yana iya nufin abu biyu masu kishiyantar juna: ko umarnin bai isa ba, ko ya isa an zuba kuɗin amma amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Kamar ka aiki yaro da saƙo ne bai dawo ba. Ba ka sani ba ko bai kai ba, ko ya kai ya tsaya wasa. Bankin mai saye ba zai mayar mata da kuɗi kai tsaye ba, don kada ya biya sau biyu. Sai ya sake aika tambaya ta NIBSS yana neman matsayin wannan cinikin, kuma sai amsar ta fito sannan ya san ko ya mayar ko ya rufe.

A irin wannan hali ne mutane suke yin kuskure mafi tsada. Mai saye ta gaji da tsayuwa, mai shago ya ce ta sake turawa, ta sake. Bayan awa ɗaya duka biyun suka shiga. Yanzu 368,000 ne a asusun mai shago, dawowar rabin kuma ta dogara ga amanarsa da kuma ko ta karɓi lambar wayarsa. Akasin haka ma yana faruwa: mai shago ya ga saƙon cire kuɗi a wayarta, ya ji kunyar tsayar da baiwar Allah, ya saki kaya. Da dare bankinta ya gano umarnin bai shiga ba, ya mayar mata da kuɗinta da rubutun Reversal ko RVSL a jiki. Ita ba ta cuce shi da gangan ba, mai yiwuwa ma ba ta lura ba sai bayan kwana biyu. Abin da ya fi dacewa idan aka ga Pending shi ne kada a sake turawa kuma kada a saki kaya a kan shi kaɗai: a ajiye kayan da sunanta, a yi musayar lambar waya, ko ta biya ta wata hanyar bisa yarjejeniya a gaban shaida cewa idan na farkon ya shiga za a mayar.

Akwai kuma lokacin da bankin mai shago ne da kansa ya ƙi karɓa. Asusun da aka buɗe da ƙaramin bayani, wanda ake kira matakin farko, ba a yarda abin da ke cikinsa ya wuce naira 300,000 ba. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya buɗe irin wannan a waya, ciniki ya yi kyau ranar, sai kuɗin da aka turo masa ya riƙa komawa ko ya maƙale, shi kuma yana zargin masu saye. Haka asusun da aka daɗe ba a taɓa ba, ko wanda aka sa wa takunkumi.

Abu ɗaya ne bankunan biyu da NIBSS suka yi tarayya a kansa, shi ne lambar da ke jikin risit mai suna Session ID. Lamba talatin ce, kuma ba a jefa su haka kawai ba. Shida na farko lambar bankin da ya aika ce a tsarin NIBSS, misali 000016 ta First Bank ce, 000013 ta GTBank. Goma sha biyu na tsakiya kwanan wata ne da lokaci: shekara, wata, rana, awa, minti, daƙiƙa. Goma sha biyun ƙarshe su ne ke bambanta wannan cinikin da duk wani. Idan aka raba ta, ga yadda take:

```
000016 250314152207 483920175604
```

Wannan misalin yana cewa an aika ranar 14 ga Maris 2025, da ƙarfe 3:22 na rana da daƙiƙa 7. Duk wanda ya je banki da ƙorafin "na tura bai shiga ba" ba tare da wannan lambar ba, zai sha zama. Da ita ma'aikacin bankin mai shago zai duba ya ce ta iso ko ba ta iso ba, da ita kuma bankin mai saye zai bi sawu. Kada a rikita ta da lambar da wasu manhajoji ke kira Reference ko Transaction No., wadda ta cikin gidan bankin mai aikawa ce, bankin can bai san ta ba.

Sanin tsarin lambar yana taimakawa wurin kama risit na bogi, amma iyakarsa kama malalacin ɓarawo. Wanda ya ɗauki tsohon risit ya gyara adadi da kwanan wata yakan manta da tsakiyar Session ID, sai ka ga saman takarda yana cewa yau, lambar tana cewa watan jiya. Wanda ya san aikinsa zai gyara har da ita. Saboda haka risit, ko a waya aka nuna shi ko ta WhatsApp aka turo, ba ya zama hujjar sakin kaya. Hoto ne da ya fito daga hannun wanda ake bi kuɗi.

Alat na bogi ya fi risit haɗari, domin a wayar mai shago yake sauka. Akwai hanyoyin aika tes da sunan da mutum ya ga dama a matsayin mai aikawa, kuma waya takan jera saƙon a ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin banki na gaske idan sunan ya zo ɗaya. Abin da mai damfara ba ya iya sani shi ne abin da ke asusun. Alat na gaske yana ƙarewa da ragowar kuɗi, wanda dole ya zama tsohon adadi haɗe da sabon. Na bogi ko dai ya bar wurin babu komai, ko ya yi cinta. Mai shagon da ya san yana da 412,000 ya ga saƙo yana cewa ragowarsa 184,350, ya san abin da ke gabansa. Wasu ma ba sa wahalar ƙirƙirar komai: su tura 18,400 na gaske a maimakon 184,000, alat na gaske ya shigo, wayar ta yi ƙara, mai shago yana tsakiyar ciniki da mutum uku ya kalli farkon lambar ya ce a ɗora kaya. Irin waɗannan sun fi son lokacin cunkoso da dab da magariba, kuma kullum suna sauri, mota tana jiransu.

Da zarar an zuba kuɗi da amsar `00`, mai turawa ba shi da maɓallin da zai danna ya janye. Jita-jitar da ake yi cewa akwai masu tura kuɗi su "ja abinsu" bayan sun bar shago, idan aka bincika, yawanci ɗayan biyu ne: ko kuɗin bai taɓa shiga ba, alat ɗin na bogi ne, ko cinikin yana Pending ne ya faɗi daga baya. Wanda ya tura kuɗi asusun da ba shi yake nufi ba sai ya bi ta bankinsa, bankin ya tuntuɓi na can, a nemi yardar mai asusun, idan ya ƙi kuma magana ta kai kotu.

Sai dai akwai hanya ɗaya da kuɗi na gaske yake zama wa mai kaya masifa, kuma a nan ne sunan mai turawa yake da muhimmanci. Ɗan damfara ya yi ciniki da mai shagon waya, ya karɓi lambar asusunsa. A gefe guda ya yaudari wani mutum dabam, a ce ya tallata masa kayan da babu su, ya ba shi lambar asusun mai shagon a matsayin tasa. Mutumin ya tura. Mai shago ya buɗe manhaja ya ga kuɗi ya shiga daidai, ya miƙa waya, ɗan damfara ya tafi. Bayan kwana biyu wanda aka yaudara ya kai ƙara bankinsa, aka bi Session ID, ta kai ga asusun mai shago, aka sa masa takunkumi har sai an gama bincike. Duk abin da ya gani a allonsa gaskiya ne. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne sunan da ke jikin kuɗin ba na mutumin da ke tsaye a gabansa ba ne. Ba kowane bambancin suna ne damfara ba, mata da yawa da asusun miji ko ɗa suke biya, yaran gida kuma da na maigida. Amma a ciniki mai nauyi, tambayar "wane suna zan gani?" kafin a tura, da kiran mai asusun idan sunan ya bambanta, da rubuta sunan a jikin risit ɗin shago, su ne abin da mai kaya zai nuna idan aka kira shi.

Idan kuɗi ya maƙale, doka ba ta bar abin a buɗe ba. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta ce cinikin da ya faɗi a mayar wa mai shi kuɗinsa cikin awa 24, ta kuma sa tarar naira 10,000 a kan kowane ciniki ga bankin da ya saɓa, haka ma bankin da ya karɓi umarni ya jinkirta zubawa fiye da minti huɗu. A aikace ana wuce waɗannan lokutan, kuma wanda bai yi ƙorafi a rubuce ba yakan daɗe yana jira. Mai turawa ne ya kamata ya fara kai ƙorafi, a bankinsa, da Session ID da adadi da kwanan wata, ya kuma karɓi lambar ƙorafin. Mai kaya zai taimaka masa da takardar bayanin asusunsa ta wannan ranar, wadda ke nuna kuɗin bai shiga ba, domin bankin mai turawa yakan ce shi a wurinsa ciniki ya kammala. Idan mako biyu ya wuce bankin bai warware ba, sai a kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, tare da lambar ƙorafin farko da kwafin risit da takardar bayanin asusun.